Lissafin makin da ya rage mini

Yau dai aka manna makin bitar ayyukan da suka gabata na kundin bincikenmu, na samu 29 cikin 50. Ban ji daɗi ba gaskiya, don na sha wahalar babin nan, amma dai abin da ya wuce ya wuce. Abin da ya dame ni tun safe shi ne ko har yanzu da sauran damar in kai 70 a jimilla, don a sashenmu daga 70 ake ba da A.

Na ɗauko littafin ƙa'idojin sashe na sake duba yadda aka raba makin. Kundin kansa kashi 60 cikin ɗari ne, difens, wato kare kundin a gaban malamai, kashi 25, bita kashi 15. Na haɗa su sun ba ni 100 cif, wannan ya kamata mutum ya fara dubawa, don idan ba su kai ɗari ba to akwai wani ɓangare da bai gani ba, ƙila semina ko furofozal.

Sai na zauna da biro da kalkuletan waya. Da farko dole a mayar da 29 ɗin nan zuwa cikin ɗari, tunda a kan 50 aka yi makin, ka ga ya zama 58 ke nan. Idan mutum ya ɗauki 29 ɗin yadda yake ya ninka da 0.15 zai ga 4.35 hankalinsa ya tashi a banza, alhali rabin haƙƙinsa kawai ya ƙirga. 58 sau 0.15 ya ba ni 8.7. Wato cikin maki 15 da aka ware wa bita, 8.7 na riƙe a hannu, 6.3 sun tafi ba dawowa. Na cire 8.7 daga 70, saura 61.3, kuma dole su fito daga cikin 85 ɗin da ya rage na kundi da difens. Na raba 61.3 da 0.85 na samu 72.1. To idan na ci kamar 73 a kundi da 73 a difens na haye.

Da rana na haɗu da wata 'yar ajinmu tana ta murna, ita 41 ta samu cikin 50, wato 82. Ta ce mini ai ita ta gama, 64 kawai take nema a sauran biyun. Na ce mata ta ina kika samo 64? Ashe 70 ta ninka sau uku ya zama 210, ta cire 82, ta raba ragowar biyu. Na ce haba ƙawata, ai kin ɗauki bita daidai da kundi ke nan, alhali kundi ya ninka ta sau huɗu a nauyi. Muka tsaya muka buga a wayarta, 82 ɗinta 12.3 yake bayarwa, 64 a sauran biyun kuma 54.4, jimilla 66.7. Ta yi shiru ta ce innalillahi, B ke nan. Abin da take buƙata a zahiri kusan 68 ne. Abin mamakin shi ne wannan hanyar tata da ni aka yi wa lissafi da ita, 76 za ta ce ina nema, ba 72 ba. Wato wanda ya ci da yawa a ƙaramin ɓangare sai ta kwantar masa da hankali a kan ƙarya, wanda ya ci kaɗan kuma ta tsorata shi fiye da kima. Tazarar maki 24 tsakanina da ita a bita, amma a jimilla 3.6 ne kacal.

Da na dawo ɗaki na ci gaba, don 72.1 ɗin nan bai gamsar da ni ba, ai ba yadda za a yi maki biyun su zo daidai da juna, kuma ni na san kaina, idan na tsaya gaban malamai suna jefo tambaya ta nan ta can bakina rawa yake yi, ga estanal, malamin da zai zo daga waje, da ban ma san halinsa ba. Saboda haka na ɗauka a difens 65 zan samu, in ga me kundi zai ɗauka. 65 sau 0.25 shi ne 16.25. Abin da na buga ke nan:

```
(70 - 8.7 - 16.25) / 0.6
```

Ya ba ni 75.08. Wannan ɗan .08 ɗin shi ya ɓata mini rai, don idan na ci 75 daidai, jimilla 69.95 za ta tsaya. Ko za a cike ta ta zama 70 ko ba za a cike ba, wannan ya danganta da dokar makaranta, wasu suna cikewa wasu ba sa yi, ni dai ban yarda in jingina da shi ba, na rubuta 76 na ja layi a ƙasa. Idan kuma Allah ya taimake ni na ci 75 a difens, 18.75 ke nan, kundi sai ya sauko zuwa 70.9, a ce 71. Ka ga ƙarin maki goma cur a difens maki huɗu da 'yan kai kawai ya sauƙaƙa mini a kundi.

A nan ne na tsaya na daɗe ina kallon takardar. Kowane maki ɗaya a kundi 0.6 yake ƙara wa jimilla, na difens kuwa 0.25, saboda haka idan na zubar da maki ɗaya a kundi sai na nemo 2.4 a difens kafin in cike gurbinsa. Na gwada mafi muni, a ce kundi ya zo da 60, wato 36, a haɗa da 8.7 ya zama 44.7, saura 25.3, difens ɗin gaba ɗayansa kuwa 25 ne. Da na raba 25.3 da 0.25, kalkuleta ta nuna 101.2. Duk lokacin da amsa ta haura 100 ba sai an faɗa maka ba, ƙofar ta rufe, ko da ka yi bayanin da kowa zai tafa maka. Amma a ajinmu kowa silaid yake ta gyarawa, ana ta zancen kalar rubutu da kayan da za a saka ranar, babi na huɗu kuwa yana can an bar shi da tebura ba sharhi. Wallahi an saki reshe an kama ganye.

Wani abu kuma da na gani a littafin ƙa'idojin, dole mutum ya ci aƙalla 50 a difens shi kaɗansa, ko da jimillarsa ta kai nawa. To ba wai zan yi watsi da shi ba ne, lissafin nauyi bai ceton wanda ya faɗi a nan.

Sufabaiza ya maido mini da babi na huɗu tun makon jiya, duk ya cika gefen shafi da jan biro, galibi cewa yake na kawo alƙaluma ban faɗi abin da suke nufi ba, kuma ban danganta su da tambayoyin binciken ba. Na ajiye silaid sai an miƙa kundi. Gobe in sha Allahu da sassafe zan fara da tebur na uku, shi ne wanda ya fi yi wa ƙorafi, sannan in tura wa kodineta saƙo in tambaye shi ko ana cike 69.5 ta koma 70.