Ƙarar diskin waje iri-iri ce, ni kuwa na ɗauke ta ɗaya

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyon biki ce a nan Maradi, kuma duk wanda ya yi wannan aiki ya san dukiyarsa ba kyamara ba ce, abin da ke cikin diski ne. Ƙannena masu tasowa a wannan harka, zan ba ku labarin yadda na kashe diskin waje mai tera 1 da hannuna, saboda na ji yana ƙas-ƙas na ɗauka irin ƙas-ƙas ɗin da na sani ne.

Karon farko da ya yi mini haka, abin ya zo da sauƙi. Na jona shi a ramin USB na gaban kwamfutar shago da wata doguwar waya da na saya a kasuwa. Sai na ji ya fara juyawa, ya yi wani ɗan "tik" a hankali, ya lafa, ya sake farawa. Ya bayyana a allo, ya ɓace. Wani dattijo mai gyara da ke kusa da mu ya ɗora tafin hannu a kansa ya ce: "Yaro, yunwa yake ji. Kawo gajerar wayarsa ta asali, ka sa a baya." Na yi haka, ya tashi garau.

Dalilin mai sauƙi ne. Ƙaramin diski na inci 2.5 daga ramin USB yake shan wutarsa. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 aka tsara ya bayar, na USB 3.0 kuwa 900, alhali lokacin da injin ke tayar da faifai daga tsaye yakan nemi kusan amfa 1. In waya ta yi tsawo ko siriri, ko an raba ramin da wasu na'urori, wutar ba ta isa, faifan ba ya kai gudunsa, sai ya sake gwadawa. Wannan ƙarar ba ta da ƙarfi, kuma in ka ɗora hannu za ka ji kaɗawar tana tashi tana mutuwa.

To, wannan sauƙin ne ya cuce ni. Bayan kamar shekara guda, ina kwafe bidiyon wani biki da na ɗauka a unguwar Zariya daga diskin zuwa kwamfuta, ƙafata ta ja waya, diskin ya faɗo daga tebur yana cikin aiki. Da na mayar da shi sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar sau goma a jere da tazara ɗaya, sannan ya yi shiru, kwamfuta ta daina ganinsa. Na ce yunwa ce. Na canja waya, na canja rami, na kai shi kwamfutar maƙwabci. A wunin nan na jona shi ya fi sau ashirin.

Da na tsaya na saurara da kyau, da na gane bambancin. A wannan karon faifan yana kai cikakken gudunsa, kaɗawar ba ta yankewa, sai bayan nan ƙarar take farawa, kuma tana da kaifi. A cikin diski akwai faifai mai juyawa sau 5400 a minti, da wani siririn hannu mai ɗauke da kan karatu, wanda ke shawagi a kan iska bisa faifan ba tare da ya taɓa shi ba, da tazarar da ko ƙwayar ƙura ta fi ta kauri nesa. Da an kunna shi, kan yakan fita ya nemi alamomin da ke nuna masa inda yake, da bayanan da diskin ke buƙata don ya san kansa. In faɗuwa ta lalata kan, ba ya iya karanta su, sai hannun ya koma mazauninsa da ƙarfi, ya sake fita. Wannan komawar ce ƙas ɗin. In ya gwada ya gaji sai ya tsayar da injin, kwamfuta kuma ta jira amsa ba ta samu ba, ta sauke shi. Ɓacewar ke nan.

Abin takaici, lanƙwasasshen kai yana iya gogar faifan. Duk jonawar da na yi, ƙara karce wurin da hotunan mutane suke nake yi. Wajen la'asar ƙarar ta sauya, ta koma wani ƙuuu kamar ana jan ƙusa a kan kwano. Wannan ita ce mafi muni cikin duka: kan yana kankare fatar maganaɗisun da bayanai ke kanta, abin da ya zama gari kuwa ba mai dawo da shi.

Akwai wata ƙara ta huɗu da na haɗu da ita daga baya a diskin wani abokin aiki: ɗan kuka siriri, bip, bip, ba kaɗawa ko kaɗan. Injin ne ke son juyawa ya kasa, galibi don kan ya manne a jikin faifai. Ƙarancin wuta ma kan kawo irinta, don haka gwaji ɗaya da gajerar waya a ramin baya ba laifi. In bai tashi ba, a cire. Kada a bubbuga shi. Shi kuwa "tik" guda ɗaya da kuke ji in diski ya jima ba a taɓa shi ba, kan ne ya koma ya huta, lafiya lau.

Ban tsaya nan ba, don mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Wani ya ce in sa shi a firiji ya kwana. Na sa. Da na fito da shi cikin zafin Maradi, nan take ya yi gumi, raɓa a waje, kuma ba abin da zai hana ta a ciki. Daga ƙarshe na kwance murfinsa a shago, ga ƙura tana shigowa ta ƙofa. Na ga zobe fari a kan faifan, an karce shi zagaye. Masu ceto bayanai na gaskiya a ɗaki mai tataccen iska suke buɗewa, su sa kan wani diski irinsa sak. Da na cire shi tun ƙas ɗin farko, da akwai abin kai musu, ko da kuɗin zai yi ciwo.

Yanzu ga yadda nake yi. In diski bai faɗi ba, ƙarar kuma mai laushi ce, waya da rami nake fara canjawa. In ya bayyana, ba na yarda da shi tukuna: nakan buɗe manhajar duba lafiyar diski `CrystalDiskInfo` in duba layin `05` da `C5`, wato wuraren da suka lalace aka musanya da waɗanda ke jiran hukunci. In lambobin da ke can ƙarshen layin ta dama sun bar sifili, a ranar nake kwashe kaya, ina farawa da aikin da ban miƙa wa masu shi ba. Ba na sa masa `chkdsk`, umarnin Windows na duba diski da gyara shi, don zai tilasta wa diski mai rauni dogon aiki, yana kuma rubutu a kansa. In allo ya nuna `Formater le disque`, ba na dannawa. In kuwa ya faɗi, ko ƙarar mai kaifi ce a jere, jonawa ɗaya ta isa in ji, sai in cire in ajiye.

Uban amarya ya zo karɓar bidiyo bayan mako biyu. Na ce: "Alhaji, a yi mini aikin gafara, abin ya lalace a hannuna." Na riga na goge katin kyamara na ɗauki wani suna da shi. Na mayar masa da kuɗinsa, muka bi ƴan'uwa gida-gida muna tattara ɗan abin da suka ɗauka da wayoyinsu.