Inbois mai layi ɗaya da ya sa na koyi farashin "ba sani ba sabo"

Lokacin da na fara aikin akanta a wani kamfani da ke ƙarƙashin wata babbar uwar kamfani a ƙasar waje, duk ƙarshen shekara sai hedkwata ta turo mana inbois mai layi ɗaya tal, "kuɗin gudanarwa", dala 600,000. Ni dai shigarwa nake yi kawai a biya, don a ganina ai tuwona maina ne, mai kamfani ɗaya ne, to miye abin damuwa? Sai da wata odita daga hukumar haraji ta zauna gabana ta ɗaga takardar ta ce, "Malam, da a ce wani kamfani ne can da ba ku haɗa komai ba ya kawo maka wannan, za ka biya?" Wallahi shiru na yi, don na san ba zan biya ba.

Ashe duk maganar ke nan. Mu dangi ne, amma hukumomin harajin ƙasashen biyu ba dangi ba ne. Duk dalar da muka biya hedkwata tana rage ribarmu a nan ta ƙara tasu a can, in kuma harajin can ya fi sauƙi, ka ga an kwashe riba da takarda kawai. Shi ya sa sashe na 9 na samfurin yarjejeniyar haraji ta OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ya ba hukuma damar gyara lissafin ribar, ta mayar da shi yadda zai kasance da baƙi biyu ne suka yi cinikin, wato farashin "ba sani ba sabo". Ƙa'idojin OECD kan wannan sun fito a 1995, an sabunta su a 2010 da 2017 da 2022, ƙasashe da yawa kuma a kansu suka gina dokokinsu.

Abin da ya ban mamaki, oditar ba ta fara da farashi ba sam. Da aka shiga binciken, tambayarta ta farko ita ce, an ma yi aikin kuwa, kuma mun amfana? Ta nemi yarjejeniya a rubuce, imel, rahoto, sunan wanda ya yi aikin da ranar da ya yi. Muka tono yarjejeniyar, sai ga shi an sa mata hannu bayan shekara ta ƙare, wanda shi kansa alama ce mara kyau.

Da muka matsa wa hedkwata suka turo bayanin kuɗin da suka kashe, jimla dala 2,000,000 a kan kula da kwamfutoci, harkar ma'aikata da lissafi na duka rukunin. A ciki akwai dala 300,000 na taron masu hannun jari da haɗa lissafin rukuni gaba ɗaya, wannan kuwa hidimar uwar kamfani ce don kanta a matsayinta na mai hannun jari, ba a ɗora wa 'ya'ya, sai aka cire, saura 1,700,000. Sai batun rabo, da me za a raba? Tunda yawancin aikin da yawan mutane yake tafiya, aka ɗauki yawan ma'aikata, mu muna da 200 cikin 1,000, kashi 20 cikin 100 ke nan, dala 340,000. Irin waɗannan ƙananan hidimomin na tallafi OECD tana da hanya mai sauƙi, a ɗora ribar kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin da aka kashe, sai ya zama 357,000. Amma fa a kula, ba kowace ƙasa ce ta karɓi wannan hanyar ba, kuma ba ta shafi ainihin sana'ar kamfani ko bincike ko aikin manyan shugabanni ba.

To 600,000 aka biya, 357,000 ne kawai ke da hujja, ratar 243,000 aka mayar cikin ribarmu. A haraji na kashi 30 cikin 100, dala 72,900 ke nan, ban da tara da kuɗin ruwa. Abin haushin ma, hedkwata ta riga ta biya haraji a kan duka 600,000 a ƙasarta, wato kuɗi ɗaya an ci shi sau biyu, kuma kafin ƙasar can ta yarda ta rage nata sai an bi hanyar sasantawa tsakanin hukumomin biyu, abin da ke iya ɗaukar shekaru.

Daga baya na gano 600,000 ɗin nan ba lissafa shi aka yi ba, wani ne ya yanke shi tun da can, ana ta maimaitawa. Yanzu in na ga inbois na cikin gida da adadi a dunƙule, iri ɗaya kowace shekara ko ma'aikata sun ƙaru ko sun ragu, ba na shigarwa, mayar musu nake yi in ce a turo min jerin kuɗin da aka kashe, ma'aunin rabo, da shaidar aikin. Da farko har ƙorafi suka yi wai na cika tsanani, yanzu kuwa duk wata uku inbois ɗin ke zuwa da shafi huɗu na bayani a bayansa.