Sittin da Ɗaya Na Ci, Sittin da Shida Ake Nema

Ƙannena na zango da kuke jami'a ko kwaleji, ga wani kuskure da na tafka a shekarata ta biyu a wata babbar makaranta nan Kumasi. Laifin nawa ne ni kaɗai, kuma lissafin da ya kayar da ni ɗan firamare ma zai iya yinsa.

A kwas ɗin da nake magana, aikin cikin zangon karatu, wato tes da aikin gida da jarrabawar tsakiya, yana ɗauke da kashi 30 cikin 100. Jarrabawar ƙarshe kuwa kashi 70. A makarantarmu sai mutum ya haɗa maki 70 gaba ɗaya kafin a ba shi A, daga 60 zuwa 69 kuma B ne. Wasu makarantun Gana sai an kai 80 ake samun A, wasu kwasa-kwasan kuma rabonsu 40 da 60 ne. Don haka ku duba takardar tsarin kwas da lakcara ya raba a makon farko, kada ku ɗauki alƙalumana ku ɗora wa kanku.

Da aka manna sakamakon aikin zango, na ga na ci kashi 80 cikin 100. A cikin trotro daga Tek Jankshin zuwa gida Aboabo na yi lissafina a ka. Na ce ina da 80, ina neman 70, to idan na ci 60 a jarrabawa, 80 da 60 sun zama 140, a raba biyu 70 ke nan. Hankalina ya kwanta. Na bar babi biyu na ƙarshe ban karanta ba, na ce ai sittin ba ta gagarata, na mai da ƙarfina kan wani kwas.

Na ci 61. Har da rarar maki ɗaya, a ganina. Sakamako ya fito, B.

Na je ofishin lakcaran da zuciyata a wuya, na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin an yi kuskure wajen haɗa makina." Bai yi fushi ba. Ya jawo takarda ya rubuta 80 × 0.3 = 24, ƙarƙashinsa 61 × 0.7 = 42.7, ya ja layi, ya rubuta 66.7. Ya ce, "Yaro, ina kuskuren?" Na sunkuyar da kai, na yi godiya, na fita.

Raba biyu da na yi yana aiki ne kawai idan nauyin ɓangarorin ɗaya ne, 50 da 50. Gwaggona da ke sayar da shinkafa a kasuwar Asawase ba za ta taɓa wannan shirme ba. Idan ta gauraya olonka uku ta mai tsada da olonka bakwai ta mai araha, ta san kuɗin gaurayen zai fi karkata wajen mai arahar, don ita ta fi yawa a buhun. Tamanin ɗina olonka uku ce kawai, ni kuma na ba ta darajar biyar.

Ga yadda ya kamata in yi. Da farko a gano makin da ya riga ya shiga aljihu. Kashi 80 na 30 shi ne 24, wannan ba mai ƙwace shi. Sai a cire shi daga abin da ake nema: 70 a cire 24, saura 46. Wannan 46 ɗin dole daga jarrabawa za ta fito. Amma fa kowane maki ɗaya da ka ci a takardar da ake makawa bisa 100, idan ya iso jimilla 0.7 yake zama. Shi ya sa za a raba 46 da 0.7, a samu 65.7. Ba wanda ke cin irin wannan gutsuren da gangan, don haka a ɗaga shi sama, 66. Kullum sama ake ɗagawa. Da 65 jimillata za ta tsaya 69.5, kuma ko a cika maka rabin makin ko a ƙi, dokar makaranta ce, ba abin dogaro ba ne.

A kalkuletar waya haka za ku danna:

```
(70 − 80 × 0.3) ÷ 0.7
```

Kada ku manta bakan nan biyu. Idan kuka danna `70 − 24 ÷ 0.7` babu baka, kalkuleta za ta fara rabawa kafin ta cire, ta ba ku 35.7, ku je ku yi barci da murna. Duk amsar da ta fito, ku mayar da ita ku gwada: 66 × 0.7 ya ba da 46.2, a haɗa da 24, an samu 70.2. Da na yi wannan gwajin da sittin ɗina, da tun a cikin mota na ga 66 ta fito maimakon 70.

Akwai wani ramin kuma, wanda abokin ɗakina ya faɗa a zango na gaba, bayan ni da bakina na koya masa hanyar. Shi lakcaransu ya rubuta makin zango bisa 30 ne kai tsaye, ya ga 24 a gaban lambarsa. Sai ya sake ninka 24 ɗin da 0.3, ya samu 7.2, lissafi ya ce masa sai ya ci kusan 90 kafin ya ga A. Ya dawo ɗaki jiki a sanyaye yana cewa, "Ɗan'uwa, ni dai na haƙura." Na karɓi takardar na duba, ashe 66 ce shi ma yake nema. An riga an auna masa makin, shi kuma ya sake aunawa. Saboda haka kafin ku taɓa kalkuleta ku tambayi kanku: lambar nan da ke kan allo, bisa nawa ce? In bisa 100 ce, a ninka da 0.3. In bisa 30 ce, a cire ta yadda take. Haka ma takardar jarrabawar kanta. Idan bisa 70 za a maka ta, ba sai an raba da komai ba, 46 cikin 70 ake nema, shi ke nan.

Wani lokaci amsar takan haura 100. Wannan ba kuskuren kalkuleta ba ne. A ce rabon 40 da 60 ne, kana da 18 cikin 40, kana neman 80. Saura 62, jarrabawar kuwa duka-duka 60 take bayarwa. Ko ka cinye ta tas, 78 za ka tsaya. A nan sai a sauko da buri mataki ɗaya a sake lissafi: 75 na buƙatar 57 a raba da 0.6, wato 95, 70 kuma na buƙatar 87. Ni a ra'ayina, in ka ga ana neman 95 a kwas mai wuya, gara ka kai waɗannan dararen kan kwas ɗin da maki uku ko huɗu za su iya canza maka harafi.

Abu ɗaya da wannan lissafin bai sani ba shi ne dokar sashe. Akwai inda ake sharaɗin sai ka ci wani adadi a jarrabawar ƙarshe ita kaɗai, komai kyawun makinka na zango, akwai kuma inda rashin halartar lakca ke hana shiga ɗakin jarrabawar. Wannan a littafin dokokin ɗalibai yake, can za ku duba.

Maki biyar ne tsakanina da A a waccan takarda. Tambaya ta huɗu, mai maki 20, daga babin ƙarshe ta fito, ɗaya daga cikin biyun da na tsallake. Layi uku na rubuta a kanta.