Amsar daidai ce, agogo ne ya tona asiri

Jumma'ar nan na ajiye aiki a kamfanin da na yi shekara uku a cikinsa a Kaduna. Abu ɗaya ne har yau yake ci mini rai: layuka shida da na rubuta don tantance saƙon biyan kuɗi.

Duk saƙon da ya shigo sabarmu yana ɗauke da sa hannu na HMAC-SHA256, haruffa 64, kowane ɗaya daga cikin alamomi 16. Mu ma sai mu lissafa namu da mabuɗin sirri, mu kwatanta:

```python
if len(a) != len(b):
    return False
for x, y in zip(a, b):
    if x != y:
        return False
return True
```

Babu gwajin da wannan bai haye ba. Sa hannun gaskiya ya wuce, na jabu ya faɗi. Oga da kansa ya duba, ya ce, "Malam, ya yi."

Mai binciken tsaro da aka ɗauko daga waje bai damu da amsar ba, tsawon lokacin da take ɗauka ya auna. In harafin farko kuskure ne, manhajar tana tsayawa nan take. In daidai ne, sai ta leƙa na biyu kafin ta ƙi, wato ta ɗan ƙara jinkiri. Sai ya riƙe saƙon jabu guda, ya gwada alamomi 16 a gurbin farko. Wadda ta fi jinkiri ita ce daidai, sai ya matsa gurbi na biyu. A lissafi, zato 1,024 sun isa, 16 sau 64, maimakon adadin da har duniya ta naɗe ba a gama ba. Mabuɗin bai fita ba, amma wanda ya samu sa hannun da zai sa a karɓi saƙon ƙarya me zai yi da mabuɗi?

Na yi gardama, kuma ina da 'yar gaskiya. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, intanet ɗinmu kuwa rawa yake kamar wutar NEPA. Sai dai rawar ba ta da alkibla, jinkirin kuwa kullum gefe ɗaya yake. Ya maimaita kowane zato sau dubbai daga kwamfuta a cikin ofis, ya ɗauki ma'aunin tsakiya, alama ɗaya ta fito daban. Nan bakina ya mutu. Ashe tun 1996 Paul Kocher ya bayyana irin wannan hari a kan tsarin ɓoye bayanai na RSA, a 2003 kuma Brumley da Boneh suka yi shi a kan manhajar tsaro ta OpenSSL daga wata kwamfutar.

Gyaran layi ɗaya ne, `hmac.compare_digest(a, b)`, wanda yake bin haruffa har ƙarshe ko da na farko ya saɓa. Mai PHP ya nemi `hash_equals`.

A taron Litinin Oga ya ce bai taɓa ganin layukan nan ba. Amincewarsa tana nan a rubuce, na ajiye hotonta a wayata.