Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takardar da Na Rubuta Sau Bakwai

Makon jiya na tsaya a inda na kammala jami'a na dawo gida Bichi ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Wata goma sha ɗayan da na yi a zaune ba zan ɓata muku lokaci da su ba, don babu abin da ya faru a cikinsu sai zaman rumfar Baffa a Dawanau da ƙirga buhu. Abin da ya hana ni barci tun ranar Talata shi ne maganar takardar neman gurbin horon aiki da na rubuta, saboda a wajen sunan da aka yi a gidan Yaya Babba na sake jin an ce wai hanya aka yi mini. Shekara nawa ke nan, har yanzu wannan magana ba ta mutu ba.

To ga yadda aka yi.

Wata cibiyar binciken noma ta fitar da sanarwar ɗaukar matasa horon sanin makamar aiki na wata shida, a sashenta na adana amfanin gona. Mutum huɗu suke nema. Takardun makaranta kowa yana da su. Abin da zai bambanta mu tambaya ɗaya ce a ƙasan fom ɗin: a cikin kalmomin da ba su wuce 500 ba, ka faɗi dalilin da ya sa kake son wannan gurbi musamman. Musamman. A lokacin ban ga wannan kalma ba, ko in ce na gan ta ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Kafin wannan, na riga na nemi wurare uku, kuma takarda ɗaya na aika musu. Yaya Babba ne ya kai ni wani shagon kwamfuta inda ake da irinta a ajiye, a canza suna a buga maka. Tana cewa ni matashi ne mai ƙwazo, mai kishin noma tun ina ƙarami, cibiyarku ta shahara, ina so in ba da gudummawa ga ci gaban ƙasa. Turancinta ya yi daɗi, har na riƙa karanta ta ina jin kaina. Wurare ukun nan ko amsa babu wanda ya ba ni. Yaya ya ce ai dama haka ƙasar take, sai da hanya.

Wannan karon, da yake Allah ya nufa, na karanta wa Baffa ita a rumfa bayan la'asar, ina fassara masa. Baffa bai yi boko ba, kun sani. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, "Kai, wannan takardar wa ka rubuta wa?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ban ji su a ciki ba. Mai neman aure ba ya zuwa gidan mutane ya ce yana son mace. Sunan yarinyar yake faɗa."

Na ji haushi a ranar, ba zan ɓoye ba. Amma washegari da na kai wa Malamar da ta duba mini aikin binciken kammala digiri, abin da Baffa ya faɗa shi ta yi mini a aikace. Ta ɗauki jan biro ta soke sunan cibiyar, ta rubuta sunan wani banki a gurbinsa, ta ce in karanta. Na karanta. In ban da kalmar noma sau biyu, babu abin da ya ɓaci. Ta ce duk takardar da za a iya canza mata suna ta zauna daram, ba ta amsa tambayar ba. Ta ce wuraren ba ɗaya ba ne: wanda ke son ƙirƙirar sabon iri, hankalinsa ya tafi Samaru, inda ake fitar da irin waken nan da ake kira Sampea, wanda ke son ajiya, akwai cibiyar binciken adana amfanin gona da hedikwatarta ke Ilorin. Wanda bai san bambancinsu ba, mai karatu zai gane tun a layi na biyu. Sai ta hana ni rubuta komai har kwana uku. Ta ce in je in karanta rahotannin sashen da nake nema, in dawo mata da abu biyu da suke yi da hannunsu, da abu ɗaya da suka ce bai warware musu ba tukuna.

A nan ne na gane ashe ina da abin faɗa, kuma yana ƙarƙashin ƙafata a rumfar Baffa.

Ina aji biyu a sakandare Baffa ya sayi wake buhu arba'in da kaka, ya ajiye yana jiran ya yi tsada. Da aka buɗe ɗakin wajen watan Maris, gari ne ke zuba daga ɗinkin buhunan. Na tuna na ɗebi ƙwaya a tafin hannu, kowacce da huda biyu ko uku, zagayayyu kamar an yi da allurar ɗinkin buhu, ga fararen ƙwai manne a bayanta. Ƙwaron nan tun daga gona yake biyo waken. Ya yi ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsar ta shige ciki ta cinye, cikin kamar wata guda a lokacin zafi ta fito ta sake haihuwa. A shekarar ne Baffa ya sayar da gonar fadama. Gonar da wasu a gidanmu har yau suke cewa caca ya yi da ita, Allah ya yafe musu, ni dai ina wurin.

Da wannan na buɗe takardar, a jimla huɗu, ba tare da kuka ko neman tausayi ba. Malama ta ce labarin gida yana da amfani ne kawai in zai kai mai karatu ga aikin. In ya wuce kalma tamanin ya zama roƙo.

Sakin layi na biyu shi ne wanda ya fi cin gyara, kuma shi ne sunan yarinyar, in ji Baffa. Na rubuta cewa na karanta aikin sashen a kan buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS, da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka inganta tare da abokan aikinsu na Afirka: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban, ƙwaron ya shanye iskar da ke ciki, ya daina ci da haihuwa, ya mutu, ba tare da an zuba magani ba. Na ce abin da ya ja ni gare su shi ne tambayar da suka bari a buɗe, ta yadda buhun yake kasancewa in an sake amfani da shi shekara ta biyu da ta uku. Na kuma ambaci cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, ni kuwa a kasuwar da ake zuba irin wannan magani na tashi. A rubutu na huɗu na cika wurin da yabo, cewa su ne kan gaba a Afirka. Malama ta soke duka. Ta ce sun san kansu, abin da ba su sani ba shi ne ko ka karanta aikinsu.

Sai abin da ni na taɓa yi. A binciken digirina na ajiye wake a ƙananan leda goma sha biyu da aka ɗaure, da wasu goma sha biyu a buhu na gama-gari, har wata huɗu, ina ɗebo ƙwaya ɗari ina ƙirga masu huda. Uku daga cikin ledojin sun lalace. Na so in ɓoye wannan. Malama ta ce a'a, shi ne ma abin da ya fi komai daraja a takardar, muddin na faɗi dalili. Dalilin kuwa, biyu sun huje ne saboda ban tsince tsakuwa da karan da ke cikin waken ba, ɗaya kuma buɗe ta da nake yi ina ɗiban samfuri ne ya riƙa mayar mata da iska. Na rubuta haka, na ƙara da abin da na koya: a hura leda a matse ta a ji ko tana fitar da iska kafin a zuba komai.

Daga nan sai gaɓar da na ga yawancin yaran da ke kawo mini tasu yanzu suna tsallakewa, wato abin da ba ka iya ba. Gani suke rauni ne. Alhali gurbin koyo kake nema, in ka iya komai me ka zo yi? Ni na rubuta cewa ban taɓa riƙe na'urar auna danshin hatsi ba, da haƙori muke gwadawa a Dawanau, kuma ban taɓa auna iskar da ta rage a cikin buhu ba, sai dai in yi zato. Na ce su suna da kayan aikin nan biyu, kuma a wata shida ina so in iya su har in maimaita gwajina yadda ya kamata. Na rufe da jimla biyu a kan inda zan kai abin: layin 'yan wake, inda na san dillalai da sunayensu kuma za su saurare ni da Hausa.

Rubutu na shida ya kai kalma 640. Kwana biyu na yi ina yanka. Duk inda na ce ni mai ƙwazo ne ko mai haƙuri, na cire, domin wata huɗu ina ƙirga ƙwaya ɗari-ɗari ya riga ya faɗi hakan. Na bakwai ya tsaya a 487. Na sake fassara wa Baffa. Bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya dai gyara mini abu ɗaya, ya ce buhu arba'in da biyu ne, kada in rage, kada in ƙara, don in an tambaye ni in iya tsayawa a kai.

An kuwa tambaye ni. Ranar ganawa, wani dattijo cikin mutum uku da ke zaune ya ja layi a ƙarƙashin ledoji ukun da suka lalace, kusan minti goma a kansu muka yi. Ya ce in da zan sake, yaya zan ɗebi samfuri ba tare da na buɗe ba? Na ce sai dai in yawaita ledojin, kowacce a buɗe ta sau ɗaya a jefar da ita daga lissafi. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu.

Ban san kowa a cibiyar nan ba. Ina so wannan ya shiga kunnen wanda ya yi maganar a wajen suna, don na san ana karanta masa. Mutumin da ya kai ni shagon da ake sayar da takarda ɗaya ga mutum ɗari shi ne yau yake cewa hanya aka yi mini. Baffa ya rasu bai ga na zama ma'aikaci ba, amma ya ga saƙon kiran. Ranar da ya shigo wayata muna cikin awo, na karanta masa, ya ajiye kwanon ya ce, "To, sun ji sunansu ke nan." Sannan ya ce in ƙarasa ɗinke buhun da ke gabana.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda na isa can da jaka ɗaya, da abin da ya faru tsakanina da na'urar auna danshi a ranar farko.