Fim ɗin yaƙi da ba ya nuna jana'iza

Jiya a gidan kallo a Garwa an sa fim ɗin yaƙi, yara na ta shewa duk sanda jarumi ya harbe mutum. Ni kyamara nake bi. Harsashi na samun abokin gaba sai ta ɗauke kai, ba a nuna gawarsa, balle uwarsa. Ƙauyen da aka ƙone kuma daga sama ake haska shi, da kiɗa mai daɗi.

Fim mai ƙin yaƙi yakan tsaya bayan harbin: wa zai wanke gawa, ina mata za su kwana? Wanda ya ga 'yan gudun hijira a sansanin Minawao da ke arewacin Kamaru ya san nan ne wahalar take, amma irin wannan fim ba ya cika gidan kallo.