Ranar da na gane bambancin nas da ungozoma

Da ƙanwata ta fara naƙuda a wani asibiti a nan Zariya, na roƙi nas ɗin da ke auna mata hawan jini ta karɓi haihuwar. Ta ce mini: "Hajiya, wannan aikin ungozoma ne, bari in kira ta." A lokacin raina ya ɓaci, amma gaskiya ta faɗa. Nas tana yin shekara 3 tana koyon jinyar marasa lafiya iri-iri, ita kuwa ungozoma horonta a kan goyon ciki, naƙuda da jego yake, kuma nas da ke son wannan lasisi sai ta ƙara wata 18 na karatu. Ita ma ungozomar, da ta lalubi cikin ta ji jaririn ya kwanta a gicciye, ba ta yi jinkirin kiran likita ba, domin tiyata ba huruminta ba ce.